Rubutun ƙawa a katin gayyatar aure: inda ya dace da inda yake ɓata saƙo

Da za a aurar da ƴar yayata, ni aka ɗora wa aikin katin gayyata. Fatiha a Tibiri, kai amarya a Jiratawa, bugun kati kuwa a cikin garin Maraɗi. Yaron da ke kan kwamfuta ya nuna mini wani rubutu mai lanƙwasa, ruwan zinariya a kan shuɗi, na ce ya yi. Da gwajin farko ya fito na kai wa kawunmu. Ya ɗaga katin sama, ya matso da shi kusa da ido, ya sake nisanta shi, sannan ya ce, "Ɗana, ƙarfe nawa ne za a shafa fatihar? Bakwai ko ɗaya?" Nan na gane cewa katin da ya burge ni a fuskar kwamfuta ya kasa isar da saƙon da aka aike shi.

Wannan rubutu mai haɗe-haɗe yana da asali. Irinsu Edwardian Script da Kunstler Script kwaikwayo ne na hannun marubutan Ingila na ƙarni na 18, waɗanda ake sassaƙa rubutunsu a farantin tagulla a buga. Kyawunsa yana cikin bambancin kauri: inda alƙalami ya sauko layin ya yi kauri, inda ya hau ya zama siriri kamar gashi. Sassaƙen tagulla yana riƙe wannan siririn layi tsaf. Injin buga takarda na shago kuwa da ƙananan ɗige-ɗige yake gina kowane harafi, kuma idan layi ya yi siriri ƙwarai sai ɗigon su kasa haɗuwa, ya fito a tsintsinke.

Launi yana ƙara tsananta abin. Injin shago ba shi da tawadar zinariya. Yana haɗa ta ne daga ɗigon rawaya da ja-ja da ɗan shuɗi, kowanne a warwatse. A babban harafi ido ba ya lura, amma a siririn layi sai ka ga giɓi. Idan kuma rubutun mai haske ne a kan bango mai duhu, tawadar bangon tana ɗan malalowa ta cinye shi daga gefe biyu. Abin da ya sami lamba 7 ta katinmu ke nan: samanta ya dushe, ta koma kamar 1. Masu aikin ɗab'i sukan ce kada layi ya gaza kwata na ma'aunin pt, wato wajen milimita 0.09, a kan farar takarda, kuma a ninka shi idan farin rubutu ne a kan duhu. Baƙar tawada zalla a kan takarda fara ko ruwan madara ita ce ta fi riƙe siririn layi.

Sai girman harafi, wanda lambar da ke kwamfuta takan yaudari mutum a kansa. Idan ka zaɓi 12 a Times New Roman, ƙananan haruffa irin a da n suna da tsawon kusan milimita 2. A Edwardian Script kuwa, da wannan lambar dai, sun fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba, domin jelar haruffa da kawunansu sun kwashe filin. Shi ya sa rubutun ƙawa yake buƙatar wajen 24 zuwa 36 kafin ya karantu da daɗi. Kati mai girman A6, milimita 105 da 148, ba zai ɗauki layi goma sha biyar a wannan girma ba. Katin Maraɗi kuwa kowa ya san shi da jerin dangi: iyalan wane a Maraɗi da Tibiri, iyalan wane a Jiratawa da Yamai da Katsina, kuma ba wanda za a bari a baya ba tare da an yi ƙorafi ba.

Mafitar da muka bi ita ce raba aiki. Sunan ango da na amarya kaɗai muka bar wa rubutun ƙawa, a 30, da babban harafi a farkon suna kawai. Rubuta suna duka da manyan haruffan ƙawa kuskure ne, don an zana su ne su buɗe kalma, idan aka jera su sai su sarƙe kamar ƙaya. Mun kuma hana yaron buɗa tazarar haruffan, tunda hakan yana tsinke mahaɗinsu. Jerin dangi ya tafi a miƙaƙƙen rubutu mai girman 10. Rana da lokaci da unguwa da lambar waya muka sa a 12 mai kauri, muka kuma rubuta lokacin da kalmomi, ƙarfe bakwai na safe, kusa da lambar. Iri biyu na rubutu suka wadatar da katin gaba ɗaya.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu masu rubutu da Hausa. Yawancin rubutun ƙawa an zana su ne don harsunan Turai, suna da é da à na Faransanci, amma babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, mai son katinsa da Hausa yana da ƙarin hujja, sai dai ya lura da wannan. Idan harafin babu shi, kwamfuta takan aro shi daga wani rubutu dabam, ka ga Ɗ ta Ɗan Gulbi ta tsaya ƙiƙam a tsakiyar haruffa masu kwanciya, ko ɗan akwati ya fito a gurbinta. Wasu masu shago sai su cire lanƙwasar su huta, baƙi su koma baki, ɗaura ta koma Daura. Gwajin ba shi da wuya. Kafin a fara tsara komai, a rubuta Ɗan Gulbi, Ƴandaka, ƙawaye, ɓangare da rubutun da aka zaɓa a duba. Don layukan bayani, Charis SIL da Gentium da Noto Serif duk suna da haruffanmu cikakku.

Bisimilla da ake sawa a saman kati ita ma tana buƙatar lura. Salon Diwani da Sulusi suna da kyau idan an ba su fili, amma idan aka matse su, ɗigon ba da ta da wasulla sai su cuɗe. A ƙaramin kati Naskhi ya fi tsira. Kada kuma a ja hoton rubutun ta gefe ɗaya don ya cika faɗin kati, hakan yana karya siffar haruffa.

Idan a wani wuri aka tsara katin za a kai wani shago a buga, a ajiye shi a PDF, ko a CorelDRAW a mai da haruffan zane da Ctrl+Q bayan an gama gyaran kuskure, don kada kwamfutar da ba ta da rubutun ta musanya shi. In ta WhatsApp za a tura wa mai bugu, a aika shi a matsayin takarda, domin hoto ana matse shi, siraran layuka su dagule.

Kafin mu ba da umarnin buga sauran, na sa aka fitar da guda ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, a ainihin girmanta. Na koma Tibiri da shi bayan la'asar. Kawu yana zaune a zaure, inda haske bai cika yawa ba. Ya karɓa, ya karanta sunayen dangi ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, ya faɗi ranar da lokacin ba tare da ya tambaye ni ba, sannan ya miƙo mini ya ce, "To, wannan a buga shi. Allah ya sanya alheri."