Kiran Wayar Da Ke Raba 'Ya'yanmu Da Aiki

Ana zubar da 'ya'yanmu daga layin neman aiki tun ba su taka ƙofar ofis ba. Cikin minti 15 ko 20 ake gamawa da su, a waya, kuma yawancinsu ba su ma san an gama ba.

Wannan masifa ce, kuma tana yaɗuwa.

Bankuna, kamfanonin sadarwa, masana'antu da ƙungiyoyin agaji sun daina tara kowa da kowa a zaure domin intabiyu. Kafin a gayyaci mutum, akwai jami'in ɗaukar ma'aikata da zai fara kiran sa. A kunnen yaro hira ce ta sada zumunci. A teburin jami'in kuwa jarrabawa ce, da takarda a gabansa da jerin sunaye, kuma aikinsa shi ne ya rage jerin. Rariya ce: abin da bai wuce ba, ba wanda zai sake duba shi.

Wanda ya faɗi ba a cika sanar da shi ba. Zai yi ta jira, sati ya zama wata. Daga nan sai ya ce ai dama ba shi da uwa a gindin murhu. Ba mu musa cewa akwai son kai a harkar ɗaukar aiki a ƙasar nan ba. Akwai shi. Amma ɗora masa kowace faɗuwa yaudarar kai ce, kuma mu manya da muke gyaɗa kai idan yaran sun faɗi haka, da hannunmu a cikin asarar.

Ya zama wajibi mu san abin da wannan kira yake aunawa.

Mai kiran ba shi ne zai zama shugaban yaron a wurin aiki ba. Sau da yawa ma ba ƙwararre ba ne a fannin, ba zai tambayi akanta yadda ake rufe littafin shekara ba. Abin da yake nema kaɗan ne. Shin mutumin da ke magana shi ne wanda aka bayyana a takardar tarihin karatu da aiki da aka aiko? Ya cika sharuɗɗan da ba a sassautawa? Ya san aikin da ya nema? Kuɗin da yake so ya shiga cikin abin da aka ware? Yaushe zai iya farawa, kuma zai zauna a inda aikin yake? Bayan ya ajiye waya sai ya rubuta 'yan layuka ga shugaban sashen. Waɗannan layukan su ne makomar yaron.

Mu ɗauki misali, irin wanda kowa ya san kamarsa. Matashi ya karanta aikin akanta, ya gama bautar ƙasa, ya yi shekara biyu yana riƙe lissafin wani kantin sari a Kantin Kwari. Ya nemi aikin jami'in lissafi a wata masana'anta a Sharaɗa. Wayarsa ta yi ƙara yana cikin adaidaita sahu, lambar da bai sani ba. Ya ɗauka ya ce, "Wa ke magana?" Wata mata ta faɗi sunanta da na kamfanin. Ya ce, "Wane kamfani?" domin wurare da yawa ya aika wa takarda, bai rubuta ko ɗaya ba.

Tun a nan ya fara zubewa. Ta tambaye shi ko yana da lokacin magana. Don gudun kada damar ta kuɓuce, ya ce yana da shi. Hon na tashi, sabis na yankewa, rabin abin da take faɗi bai ji ba.

Da ya sani, da ya ce, "Ranki ya daɗe, na gode da kiran. Ina kan hanya, akwai hayaniya. Za ki iya ba ni minti 30, ko in kira ki da ƙarfe biyu?" Jami'in kirki ba ya ƙin wannan. Natsuwa ce yake gani a ciki.

Ya zama wajibi kowane mai neman aiki ya ajiye littafi: sunan kamfani, sunan gurbin, ranar da ya aika, da kwafin tallar aikin, domin sau da yawa ana cire tallar daga Jobberman ko LinkedIn kafin a fara kira. Ya ɗauki baƙuwar lamba da sallama da faɗin sunansa. Ya cire waƙar da masu kiran sa ke ji. Ya bar waya da caji.

Sai tambayar da ta fi kowace kisa: "Ba ni labarin kanka."

Matashinmu ya fara daga unguwar da aka haife shi, ya bi ta firamare, ya shiga sakandare. Minti huɗu sun tafi bai kai ga lissafi ba. Ita kuwa abin da take jira bai wuce minti ɗaya da rabi ba: me kake yi yanzu, me ka iya da ya dace da gurbin nan, me ya sa kake son sa. Ga abin da ya kamata ta ji: "Ni akanta ne. Shekara biyu ke nan ina riƙe lissafin kantin sarin atamfa. Ni nake shigar da cinikin kullum a Excel, nake daidaita shi da takardar banki a ƙarshen wata, nake bin bashin dillalai. Tallarku ta ce kuna neman mai daidaita asusun banki da lissafin kaya a sito. Shi nake yi, kuma ina so in yi shi a masana'anta."

Duba da kyau. Ba ƙarya a ciki, ba cika baki. Aiki ne aka ambata da sunansa.

A nan ne tarbiyyarmu take buƙatar a yi mata bayani. Mun koya wa yaranmu kunya da kawaici, kuma ba mu yi kuskure ba. Mun hana su yabon kai. Amma ba mu gaya musu cewa faɗin aikin da mutum ya yi da hannunsa shaida ce ba, kuma wanda ya ɓoye ta kansa ya cuta. Sai ka ji yaro yana cewa "mun yi", "an ɗan taɓa", "ba laifi". Mai sauraro ba ta ganin sunkuyar da kansa na ladabi. Murya kawai take ji, kuma muryar ta ce mata bai tabbata da kansa ba.

Mafi muni shi ne, "Ko wane aiki ne zan yi, a taimaka." A gida wannan tawali'u ne. A waya kuwa ma'anarsa ita ce bai san me ya nema ba.

Ya zama wajibi a daina roƙo a inda ake tambayar cancanta.

Daga nan matar ta koma kan takardar matashinmu. Ya rubuta ya fara aikin kantin a 2022, a baki ya ce 2021. Ya rubuta ƙwarewa a wata manhajar lissafi, ta tambaye shi me ya taɓa yi da ita, ya yi shiru, domin wani ne ya tsara masa takardar a shagon kwamfuta. Wannan shirun ya fi rashin iyawar illa. Rashin iyawa ana koyar da mai shi. Wanda aka kama da abin da bai dace da takardarsa ba, an daina yarda da sauran abin da ke ciki.

Haka batun bautar ƙasa. Takardar kammalawa ce a hannunka, ko ta yafewa da ake ba wanda ya haura shekara 30 lokacin gama karatu? Amsa ɗaya ce, gajera. Kame-kame a nan yana rufe magana nan take.

Sai kuɗi. A nan ake yi mana ɓarna mai yawa.

Ta ce, "Nawa kake sa ran a biya ka?" Ya ce, "Duk abin da kuka bayar." Yana ganin ya nuna halin kirki. Alhali ya bar ta ba abin rubutawa, ko kuma ya ba kamfani izinin sa shi a ƙasan ma'auni, inda zai daɗe, domin ƙarin albashi yawanci a kan na farko ake lissafa shi. Wani kuma tsoron raini ya sa ya ambaci ninki uku na abin da gurbin ke biya, a tsallake sunansa.

Ya zama wajibi a yi bincike kafin kira. A tambayi masu irin aikin a garin. A tsayar da iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama. A fara da neman sanin abin da kamfani ya ware wa gurbin, domin halal ne a tambaya. Kuma a bambance albashi kafin a cire komai da abin da zai shiga asusu. Dokar fansho ta 2014 ta sa ana cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, a kan ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri. Idan naira 250,000 aka ce, kuma duka aka lissafa, naira 20,000 ta tafi fansho, ga haraji na jira. Wanda ya amsa bai tambaya ba, ƙarshen wata zai ji an zalunce shi, alhali shi ne bai buɗe baki ba.

Lokacin farawa ma tarko ne. Mai aiki a hannu da ya ce "gobe ma zan iya" ya nuna zai watsar da ubangidansa ba notis, kuma mai kiran ta san haka zai yi musu. Ya duba takardar ɗaukarsa aiki, ya faɗi wa'adin da ke ciki. Ya kuma kame bakinsa daga zagin inda yake aiki. In aikin a Legas ko Fatakwal yake, a yi shawara da iyaye, ko da miji, kafin kiran. "Sai na tambaya a gida" a tsakiyar waya na nufin a kira na gaba.

Gargaɗi na daban, kuma mai tsanani: 'yan damfara sun gano ƙishirwar yaranmu, suna kwaikwayon irin wannan kira. Jami'in gaskiya ba ya neman kuɗin fom ko na horo. Ba ya neman lambar sirrin kati, ba ya cewa a karanto masa lambar da banki ya turo ta saƙo. Duk wanda ya nemi ɗayan waɗannan, a kashe waya.

Ya zama wajibi jami'o'i da kwalejojinmu su koyar da wannan kafin su sallami ɗalibai. Ya zama wajibi ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na unguwa su ɗauke shi aiki. Wanda ya taɓa zama a kujerar tantancewa, ya san duk wannan, ya yi shiru yana kallon ƙannensa na faɗuwa, ba shi da bakin kukan an bar mu a baya.

Ya zama wajibi yayye su zaunar da ƙanne a yi gwaji. Kiran yawanci da Turanci ake yin sa, saboda haka da Turanci za a gwada, da murya a sarari. Ka shiga wani ɗaki ka kira ƙanenka. Ka ce ya ba ka labarin kansa, ka duba agogo. Ka ɗauki takardarsa ka tambaye shi kowace shekara da kowace manhaja da ya rubuta. Ka tambaye shi albashi, ka ƙi karɓar "duk abin da aka bayar". Ka tabbata ya tanadi tambaya ɗaya tasa game da aikin, kuma kafin ya ajiye waya ya tambayi mataki na gaba da ranar da zai ji amsa. Ka naɗi muryarsa ka kunna masa ya ji da kunnensa, sannan ku sake daga farko.