Kafin ka tura kuɗin iri, karanta hoton jakar

Yanzu manoma da yawa ta waya suke cinikin iri. Dillali ya turo hoton jakar masara ta WhatsApp, manomi ya ga zanen zangarniya cike da ƙwaya, sai ya tura kuɗi. Amma zanen talla ne kawai. Abin da za a dogara da shi yana cikin ƙananan rubutun da ke jikin jakar, don haka ka nemi a ɗauko maka shi kusa, cikin haske, gaba da baya.

Fara da layin da aka rubuta Variety, wato sunan iri. Masarar da cibiyar IAR ta Samaru, Zariya, ta fitar tana ɗauke da sunan SAMMAZ da lamba a gabansa, kuma lambar ce ke bambanta wannan da wancan. Idan yatsa ko ƙyallin leda ya rufe lambar, hoton bai gaya maka komai ba. Idan kuma ka ga F1, irin aure ne: yana ba da yabanya mai kyau, amma in ka ajiye 'ya'yansa ka shuka baɗi, amfanin zai ragu.

Daga nan ka nemi kason tsiro da ranar gwaji, ka karanta su tare. Idan jaka ta ce 90%, ma'anarta ƙwaya 90 cikin 100 sun tsiro a ranar da aka gwada. Jakar da aka gwada bara, ta sha zafin Maris da Afrilu a shago mai rufin kwano, ba lallai ta riƙe wannan ƙarfin ba.

Sai kwanakin nuna. A ce gonarka tana Daura, ka shuka a farkon Yuli, ruwa kuma ya saba ɗaukewa a ƙarshen Satumba. Kwana 90 ke nan a hannunka. Masarar da aka rubuta mata kwana 120 tana cikin cika ƙwaya ƙasa za ta bushe, ko da irin nagari ne. Ita ta fi dacewa da Saminaka ko Funtua, inda damina ke daɗewa. Kai mai saurin nuna kake buƙata, ta kwana 80 zuwa 90.

Hoto yana da iyaka, domin ana iya zuba tsabar kasuwa a jaka mai kyau. Shi ya sa hukumar kula da iri ta Najeriya, NASC, ta fito da tambarin SEEDCODEX, wanda ake kankarewa a tura lambar ta saƙon waya. Wannan sai jaka ta zo hannunka, kuma in ka ga an riga an kankare, kada ka karɓa. Ka duba ko lambar rukuni, Lot No., ta yi daidai da ta hoton. Sannan ka naɗe ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma, ka ƙirga waɗanda suka tsiro bayan kwana 7. Idan 60 ne kawai, ka koma wurin dillali tun ruwa bai sauka ba.