Goge Injin Haƙori da Sifirit Ba Ya Kashe Cutar da Ke Cikinsa

A ɗakin likitan haƙori, abin da ya fi wuyar tsabtacewa shi ne ɗan injin nan mai kama da alƙalami, mai ƙara kamar busa, wanda ake rarake ruɓaɓɓen haƙori da shi. Cikinsa akwai ƙaramar farfela da iska ke juyawa sau dubu 300 ko fiye a minti ɗaya, ga kuma siraran hanyoyin ruwa da iska. Da zarar likita ya ɗaga ƙafa injin ya tsaya, yakan zuƙo ɗan yawu da jini zuwa ciki. In an kunna shi a bakin mutum na gaba, sai ya feso abin da ya haɗiya. Auduga da sifirit bayansa kawai suke gogewa, alhali ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda a busasshen jini ba ta mutu ba.

Maganin abin shi ne tururi mai matsi, a tukunyar da ma'aikata ke kira otokilab. Amma aikin yana farawa tun kafin a kai ga tukunya. Ana gamawa da majiyyaci, sai a bar injin ya yi ta feshin ruwa na daƙiƙa 20 zuwa 30, a cire ɗan tsinken bakinsa, a wanke bayansa da buroshi, a fesa masa mansa, a goge rarar man. Ba a tsoma shi cikin ruwan bilic, don yana cin ƙarfen. Su kuwa filayar cire haƙori da madubi da almakashi, wankin sabulu da buroshi suke so har cikin gaɓoɓinsu, domin jinin da ya daskare a lungu yana kāre ƙwayar cuta daga tururi. Sai a ɗauraye, a busar, a naɗe, almakashi baki buɗe.

Ƙa'idar zafin a bayyane take: digiri 121 na minti 30 ga kayan da aka naɗe, ko digiri 134 na 'yan mintuna a na'urar da ke kaiwa can. Tafasasshen ruwa a digiri 100 yake tsayawa, shi ya sa dafa kaya a tukunyar gida ba ya kashe ƙwayoyin da ke ƙulle kansu cikin ɓawo. Tanda mai busasshen zafi, digiri 160 na awa biyu, tana yi wa filaya, amma takan lalata injin.

A ɗauki ƙaramin asibiti mai inji biyu da tukunya ɗaya da ake ɗorawa a kan gas. Ma'aikaciya ta zuba ruwa, ta jera kaya a kan raga sama da ruwan, ba ta cunkusa ba. Ta rufe, ta bar kafar tururi a buɗe har sai ya fito a miƙe ba yankewa. Nan ne mai gaggawa ke yin ɓarna, don iskar da ta maƙale a ciki tana hana zafi shiga kaya, ko da allurar agogon ta hau. Sai matsi ya kai 15 psi sannan ta fara ƙirga mintuna 30, ba daga kunna wuta ba. In gas ya ƙare a minti na 12, ko aka ɗauke wuta ga mai ta lantarki, ba a ɗorawa daga inda aka tsaya, sabon lissafi ake yi.

A haɗa wanki da ɗaukar zafi da hucewa da bushewa, an haura awa guda. Ke nan inji biyu ba za su yi wa mutum shida ciko a awa ɗaya ba, sai dai in sifirit ake shafa musu. Asibitin da ya san abin da yake yi yakan tsara layi: mai ciko, sai mai cire haƙori, sai mai dubawa kawai, har injin ya fito. Ita ma wannan tukunyar tana da iyaka, don na'ura mai zuƙe iska kafin ta saki tururi ta fi ta ratsa kaya masu rami.

Ta yaya ake gane aiki ya yi? Ana manna wa ƙunshi wani tef da zanensa ke yin baƙi. Wannan shaida ce cewa ƙunshin ya ji tururi, ba cewa komai ya mutu ba. Tabbaci yana cikin gwajin mako-mako, inda ake saka 'yar kwalba mai ƙwayoyi masu taurin kai, a duba daga baya ko sun tsira. Ƙunshin da ya fito a jiƙe ko a yage kuwa, komawa tukunya zai yi.

Majiyyaci yana da haƙƙin a buɗe ƙunshin a gabansa, busasshe, zanen tef ya sauya. In ya tarar da injin a maƙale a tiyo tun wanda ya tashi daga kujerar, ya tambaya cikin ladabi: “Likita, wannan ya shiga tukunya bayan na gabana?”