Ninki a Cinikin Kirifto: Inda Kuɗinka Zai Ƙone Yana Rubuce Tun Kafin Ka Shiga

A manhajojin cinikin kirifto akwai ɗan maɓalli mai nuna 5x, 10x, 50x, wani lokaci har 100x. Shi ne `Leverage`, wato ninki. Ka ajiye dala 100 jingina, ka zaɓi 10x, sai kasuwa ta bar ka ka riƙe Bitkoyin na dala 1,000. Da riba da asara duk a kan dubun nan ake lissafa su, alhali ɗarinka ce kaɗai ke tsaye a bayansu. Kasuwar kuwa ba za ta jira jinginarka ta ƙare ƙaf ba. Tana ware wani ɗan kaso da dole ya rage, da zarar asara ta taɓo shi sai ta rufe cinikin da kanta. Farashin da hakan zai faru shi ake nunawa a gurbin `Liq. Price`.

A ce ka saya a dala 60,000, kason da dole ya rage kuma 0.5 cikin ɗari ne (yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, yana kuma hawa idan cinikin ya yi girma). Ga lissafin a taƙaice, ba tare da kuɗin kamasho ba:

```
farashin ƙonewa = farashin shiga × (1 − 1/ninki + 0.005)
```

Da 5x, sai farashi ya gangaro 48,300 kafin a rufe ka. Da 10x, 54,300. Da 50x kuwa 59,100 ne, wato faɗuwar kashi 1.5 cikin ɗari kacal, motsin da Bitkoyin kan yi tsakanin azahar da la'asar ba tare da wani labari ya fito ba. Wanda ya yi cinikin faɗuwar farashi, nasa layin yana sama da inda ya shiga, da kusan wannan tazara. Yawancin manyan kasuwanni da `Mark Price` suke auna wannan layi, don haka shi za ka riƙa kallo.

Duk wannan lissafi na tsarin `Isolated` ne, inda jinginar da ka ware wa cinikin ita kaɗai za ta tafi. A tsarin `Cross`, duk kuɗin da ke asusun cinikinka ya zama jingina. A ce kana da dala 500 a ciki, ka buɗe wancan ciniki na dala 1,000. Yanzu layin ƙonewa ya sauka kusan 30,300, hankalin mutum sai ya kwanta. Amma abin da zai tafi a ranar dala 500 ne gaba ɗaya. Kada a ce ranar ba za ta zo ba: a 12 ga Maris 2020 Bitkoyin ya zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na darajarsa a yini guda. Sannan a `Cross` layin ba ya zama wuri ɗaya. Ka buɗe ciniki na biyu ya fara asara, ko ka cire kuɗi daga asusun, sai layin na farko ya matso kusa. Lambar ninkin da ka danna ba ita ke tsayar da shi ba, girman cinikin ne idan an gwada shi da abin da ke asusu.

Shi ya sa nake ganin masu farawa da zaɓen ninki sun ɗauko abin ta wutsiya. Fara da nawa za ka iya rasawa. Cikin dala 500 ɗin nan, a ce 10 ce. Ka duba kasuwa ka ga cewa in farashi ya sauka 57,600, wato kashi 4 cikin ɗari, hasashenka ya rushe, sai ka kafa `Stop Loss` a nan. Kashi 4 na dala 250 shi ne 10, ke nan girman cinikinka dala 250 ne. Sai yanzu ninki ya shigo, aikinsa kawai ya faɗa maka jinginar da za ka ajiye. Da 5x dala 50 ce, layin ƙonewa na can 48,300, nesa da inda ka shirya fita. Da 50x dala 5 ce, amma za a rufe ka a 59,100 tun farashi bai kai wurin fitarka ba, ko da daga baya ya juyo ya hau yadda ka hango.

Akwai kuma kuɗin `Funding`, wanda a kasuwanni da dama ake biya ko a karɓa duk awa 8. Wannan da sigar cinikin kanta ne suka sa malamai da yawa ke da ja a kansa, ya kamata ka tambayi wanda ka yarda da iliminsa kafin ka sa kuɗinka.

In har za ka shiga, tsaya a `Isolated`, kuma kafin ka danna saye duba lambobi biyu: inda za ka fita da kanka, da inda za a fitar da kai. Idan na biyun ya fi kusa da farashin shiga, rage ninkin.