Abin da binciken shekara 10 a Amurka ya gano kan yadda sha'awar mutum ke iya sauyawa

A shekarar 1979, wata matashiya baƙar fata 'yar Amurka mai suna Chirlane McCray ta wallafa maƙala a mujallar Essence, inda ta bayyana wa duniya cewa ita 'yar maɗigo ce. Shekara 12 bayan haka ta haɗu da Bill de Blasio a ofishin magajin garin New York na wancan lokacin, David Dinkins, inda dukkansu suke aiki. Sun yi aure a 1994, suka haifi 'ya'ya biyu.

A ƙarshen 2012, lokacin da de Blasio ke shirin neman kujerar magajin garin New York, jaridu suka tono tsohuwar maƙalar. Nan take aka fara tambaya: shin ƙarya ta yi a 1979, ko kuwa auren ne na bogi?

McCray ba ta karɓi ko ɗaya daga cikin biyun ba. A hirar da ta yi da mujallar a 2013, ba ta janye abin da ta rubuta tana budurwa ba, kuma ta ƙi amincewa a laƙaba mata wani sabon suna. Ta bayyana cewa sai da ta ajiye tunanin da take da shi game da irin mutumin da za ta so, kafin auren ya yiwu. Ma'auratan sun sanar da rabuwarsu a 2023, bayan kusan shekara 30 da aure.

Irin wannan lamari ne wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Farfesa Lisa Diamond ta Jami'ar Utah, ta kwashe shekaru tana nazari a kai.

Yadda aka gudanar da binciken

Diamond ta fara aikin ne a 1995, lokacin tana karatun digirin digirgir a Jami'ar Cornell. Ta tattara 'yan mata kusan 100 a jihar New York, masu shekara 16 zuwa 23. Mafi yawansu sun ce suna sha'awar mata 'yan'uwansu, ko dai mata kaɗai ko kuma mata da maza. Wasu kuma sun ce suna jin hakan amma ba su zaɓar wa kansu wani suna ba.

Akasarin binciken da aka yi kafin nata, sau ɗaya ake zama da mutum a ce ya ba da tarihin rayuwarsa. Matsalar wannan hanya ita ce ɗan Adam yana gyara tarihinsa ya dace da halin da yake ciki a yau, sau da yawa ba tare da ya sani ba. Wadda ta yi aure tana jin daɗin aurenta za ta iya raina abin da ta ji a baya, wadda aurenta ya mutu kuma za ta iya cewa dama can ba ta taɓa son mijin ba.

Don kauce wa hakan, Diamond ta riƙa komawa wajen matan nan duk bayan shekara biyu zuwa uku har zuwa 2005. Zama na farko ido da ido ne, sauran kuma ta waya. Saboda haka tana da abin da kowace mace ta faɗa da bakinta a daidai lokacin da take jin abin, kuma tana iya kwatanta shi da abin da ta faɗa daga baya.

A kowane zagaye ta raba tambayoyinta gida uku. Na farko, wane ne matar take sha'awa a rayuwarta ta yau da kullum, kuma kashi nawa cikin 100 na sha'awar ke karkata ga mata. Na biyu, da wa ta yi soyayya ko mu'amala tun bayan zaman da ya gabata. Na uku, wane suna take kiran kanta da shi.

Suna ya fi zuciya saurin sauyawa

Sakamakon da ta wallafa a 2008, wanda ya shafi mata 79 da ta bi har ƙarshe, ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku sun sauya sunan da suke kiran kansu aƙalla sau ɗaya a cikin shekara 10. Kimanin kashi ɗaya cikin uku kuma sun sauya sau biyu ko fiye.

Sauyin bai bi hanya ɗaya ba. Akwai wadda ta ce ita 'yar maɗigo ce, daga baya ta koma cewa tana sha'awar jinsi biyu. Akwai wadda ta tashi daga jinsi biyu ta koma kiran kanta mai sha'awar maza. Da yawa kuma sun daina amfani da kowane suna, saboda a ganinsu babu wanda ya yi daidai da abin da suke ji.

Sai dai da Diamond ta duba alƙaluman sha'awar kanta, ta ga ba su yi tsalle kamar yadda sunayen suka yi ba. Suna hawa da sauka, amma galibi a kusa da inda suka faro.

Ga misali don a fahimta. A ce mace ta faɗa a zaman farko cewa kashi 70 na sha'awarta ga mata ne, kashi 30 ga maza, kuma tana kiran kanta 'yar maɗigo. Bayan shekara biyar sai ta ce kashi 60 ga mata, amma yanzu ta kamu da son wani namiji, suna zaune tare, ta kuma ajiye wancan suna. Wanda yake kallo daga waje zai ce ta juya gaba ɗaya. A takarda kuwa maki 10 ne kawai ya motsa. Kashi 30 ɗin nan dama yana nan tun farko, abin da ya faru shi ne ta haɗu da mutumin da ya taso da shi. Kashi 60 da ya rage ma bai ɓace ba.

Hujja mafi ƙarfi kan cewa abin da aka ji a baya ba ƙarya ba ne ta fito a wata maƙala da Diamond ta wallafa a 2003, wadda ta shafi shekara biyar na farkon aikin. A lokacin, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan sun riga sun ajiye sunan maɗigo ko na sha'awar jinsi biyu. Rabinsu sun koma kiran kansu masu sha'awar maza, rabi kuma sun zauna babu suna. Amma a cikinsu mace ɗaya tak ce ta ce abin da ta ji a baya wani yanayi ne na wucin gadi da ya zo ya wuce. Sauran sun ce abin da ya sauya shi ne yadda suke fassara abin da suke ji, da kuma yadda suke tafiyar da rayuwarsu a kansa.

Me ke jawo hakan?

Bayanin da Diamond ta gabatar shi ne cewa sha'awar jima'i daban, shaƙuwar soyayya daban, ko da yake galibi tare suke tafiya. Sha'awa tana da alaƙa da sinadaran jiki da ke ƙaruwa lokacin balaga. Shaƙuwa kuwa ta samo asali ne daga irin tsarin da ke haɗa uwa da jaririnta, kuma zama tare da kusanci na tsawon lokaci ne ke gina ta. Shi ya sa yaro da bai balaga ba yake iya shaƙuwa da wani matuƙa ba tare da wata sha'awa ba, babba kuma yana iya sha'awar wanda ba ya so.

A cewarta, tunda tsarin shaƙuwa bai damu da jinsi ba, wani lokaci shaƙuwa mai ƙarfi da mutum guda takan haifar da sha'awar da ba a saba ji ba. Wasu daga cikin matan sun shaida mata cewa abin ya tsaya ne a kan wannan mutum ɗaya, bai yaɗu zuwa sauran masu jinsinsa ba. Wannan bayani hasashe ne na ilimi da masana ke ci gaba da gwadawa.

Ta tattara aikin a littafinta mai suna Sexual Fluidity, wanda maɗaba'ar Jami'ar Harvard ta buga a 2008. Da farko ta ɗauka lamarin ya fi shafar mata, amma daga baya ta fito fili ta ce sabbin alƙaluma sun nuna ana samunsa a tsakanin maza fiye da yadda ta zata.

Iyakar abin da binciken ya nuna

Matan da Diamond ta bi ba su wakiltar dukkan matan Amurka, balle na duniya. Ta samo su ne a tarukan masu neman jinsi, da ƙungiyoyin matasa, da azuzuwan jami'a, kuma yawancinsu fararen fata ne masu ilimi. Saboda haka kuskure ne a ce kashi biyu cikin uku na mata ne ke sauyawa.

Wani bincike da Steven Mock da Richard Eibach suka wallafa a 2012 ya duba manyan Amurkawa sama da 2,500 da aka yi wa tambaya sau biyu, da tazarar shekara 10 a tsakani. Kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai suka sauya amsarsu, kuma waɗanda suka ce kishiyar jinsi suke sha'awa su ne suka fi kowa tsayawa a inda suke. Ke nan ga mafi yawan mutane, sha'awa tana zama yadda take tsawon shekaru.

Abu na biyu shi ne, sauyin da matan suka ba da labari ba su ne suka shirya shi ba. Da yawa sun ce ya zo musu ba zato, wasu ma bai yi musu daɗi ba, domin ya janyo musu saɓani da ƙawayen da suka ɗauke su a matsayin waɗanda suka yi tawaye.

A nan ne taƙaddama ta taso a Amurka. Ƙungiyoyin da ke iƙirarin sauya wa mutane sha'awa ta hanyar zaman shawarwari sun riƙa kafa hujja da aikin Diamond, ita kuma ta fito ta ce sun murɗa sakamakon bincikenta. Hujjarta ita ce, don abu yana sauyawa da kansa a wurin wasu, hakan ba ya nufin ana iya tilasta masa ya sauya. A 2009, wani kwamiti na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka ya duba binciken da aka yi a kan irin waɗannan shirye-shirye, ya ce babu ƙwaƙƙwarar shaidar cewa suna aiki, kuma akwai alamun suna iya cutarwa. A 2013, Exodus International, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin da ke wannan aiki, ta rufe ƙofofinta, shugabanta Alan Chambers ya nemi afuwar waɗanda aka cutar.

A ɗaya ɓangaren kuma, sakamakon bai yi wa wasu masu fafutukar kare haƙƙin masu neman jinsi daɗi ba, domin sun daɗe suna kafa hujja a kotuna da cewa haka aka haifi mutum kuma ba ya taɓa sauyawa. A 2016, Diamond da masanin shari'a Clifford Rosky sun wallafa maƙala suna cewa wannan hujja ba ta yi daidai da abin da bincike ya nuna ba, kuma bai kamata a ci gaba da dogara da ita ba.