Yadda Ake Gano Gangarar Da'ira a Kan Ɗigo Guda

Miƙaƙƙen layi gangararsa ɗaya ce daga farko har ƙarshe, amma ta da'ira tana sauyawa daga ɗigo zuwa ɗigo. Abin da ake nufi da gangara shi ne yawan hawa ko saukar da y ke yi idan x ya ɗan matsa gaba, kuma a lissafin kalkulas ana rubuta ta da alamar dy/dx, wadda Leibniz ya ƙirƙiro.

A ɗauki da'irar x² + y² = 25, ana neman gangararta a ɗigon (3, 4). Ana iya ware y gefe guda tukuna, sai dai hakan yakan raba da'irar gida biyu, sama da ƙasa, aiki ya ƙaru. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar x da y a cakuɗe yadda suke, a fitar da ƙimar canjin kowane ɓangare, ana tuna cewa y a ɗaure yake da x: da zarar x ya motsa, dole y ya motsa.

Ƙimar canjin x² ita ce 2x. Ta 25 sifiri ce, tunda ba ya canjawa. A wajen y² ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, su rubuta 2y kawai su wuce. Wannan 2y canjin y² ne idan y ya motsa, alhali motsin x ake bi, don haka sai an ninka shi da dy/dx. Jerin zai zama 2x + 2y(dy/dx) = 0, wato dy/dx = −x/y. A (3, 4) gangarar ita ce −3/4: layin da ya shafi da'irar a nan yana sauka taku 3 a duk taku 4 da ya yi dama.

Akwai hanyar tantancewa. Layin da ya taso daga cibiya zuwa (3, 4) gangararsa 4/3 ce. Idan aka ninka ta da −3/4 za a sami −1, shaidar cewa layukan biyu sun haɗu a kusurwa mai digiri 90, kamar yadda ya wajaba a kowace da'ira.

Elifs kuwa, wato da'irar da aka miƙe ta yi tsawo ta gefe ɗaya, dabarar ba ta canja ba. A x² + 4y² = 25 ana samun 2x + 8y(dy/dx) = 0, sai dy/dx = −x/(4y). A ɗigon (3, 2) amsar −3/8 ce. Amma tantancewar ɗazu ba ta aiki a nan, domin 2/3 sau −3/8 yana ba da −1/4.

Kafin a saka lambobi, a tabbatar ɗigon yana kan zanen. 9 da 16 sun ba da 25, saboda haka (3, 2) yana kai. Inda y ya zama sifiri kuma, kamar a (5, 0), rabawa ba ta yiwuwa. Wannan ba kuskuren lissafi ba ne: layin a tsaye yake cak a wurin, shi ya sa babu lambar da za ta wakilci gangararsa.