Gubar hayaƙin janareto da gawayi: yadda take kama jini, da yadda oksijin ke fitar da ita

Labarin ya saba zuwa da fasali guda. An ɗauke wuta, zafi ya hana barci, maigida ya tayar da janareto, sai ya shigo da shi zaure ko baranda saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama, aka rufe ƙofa. Gari ya waye har rana ta ɗaga ba a ji motsin kowa ba. Idan maƙwabta suka ɓalle ƙofar suka tarar da iyali a kwance, abin da aka fara zargi shi ne tuwon dare, ko sammu, ko aikin iskoki. Lokacin hunturu kuwa kaskon gawayi ne ke yin wannan ɓarna, a ɗakin da aka toshe tagoginsa don gudun sanyi.

Abin da ke kashe mutane a irin wannan ɗaki wata iska ce mai suna kabon monoksaid, wadda masana ke rubutawa CO. Tana fitowa duk lokacin da fetur, gawayi, itace, kananzir ko gas suka ci wuta ba tare da isasshiyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Warin da muke ji a hayaƙin inji na wasu abubuwa ne dabam da ke tare da ita. Wannan ne ya sa al'adar jiran gawayi ya ruru ya daina hayaƙi kafin a shigar da shi ɗaki ba ta tsare kowa, domin garwashin da ya yi ja zur yana ci gaba da fitar da gubar.

Don a gane ɓarnar sai an leƙa cikin jini. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari da ake kira himogulobin, shi ne ke ba jini launinsa, kuma aikinsa dakon oksijin daga huhu zuwa sauran jiki. Kowane himogulobin yana da gurabe huɗu, a tsakiyar kowane gurbi akwai ƙwayar zarra guda ta ƙarfe, kuma a kan wannan ƙarfen oksijin ke zama. A ɗauke shi kamar motar haya mai kujeru huɗu: tana lodi a huhu, tana sauke fasinja a ƙwaƙwalwa da zuciya da tsoka, ta dawo ta sake lodi. Amfanin motar yana ga saukewar. Oksijin fasinja ne mai saurin hawa da saurin sauka, ba ya cika daƙiƙa guda a kujera.

Kabon monoksaid kujerar nan take nema, kuma riƙon da take yi wa himogulobin ya ninka na oksijin sau 200 zuwa 250. Wani abin mamaki shi ne ba ta fi oksijin saurin hawa ba, hasali ma ta fi shi jinkiri. Ƙarfinta yana wajen ƙin sauka, don idan ta zauna takan iya kai minti guda ba ta motsa ba. Dalilin yana ga irin ɗaurin da ke tsakaninta da ƙarfen. Ɓangaren kabon nata yana miƙa wa ƙarfen wasu ƙwayoyin lantarki, shi kuma ƙarfen ya mayar mata da nasa ta wata hanya, sai riƙon ya zama na juna, kowane ɓangare na ƙarfafa ɗayan. Oksijin ma yana irin wannan musaya, amma tasa ba ta kai haka ƙarfi ba.

Da ma abin ya fi haka muni. Idan aka ciro gurbin ƙarfen daga cikin himogulobin aka gwada shi tsirara, fifikon da yake ba gubar a kan oksijin yakan kai dubbai. A cikin himogulobin akwai wani ɗan yanki mai suna histidin da ke rataye dab da ƙarfen, yana tallafe oksijin idan ya zauna, ita kuwa ba ya yi mata wannan alfarma. Shi ya rage tazarar zuwa ɗari biyu da wani abu. Muna bukatar wannan kariya, domin jikinmu da kansa yana samar da 'yar kabon monoksaid yayin da yake rushe tsofaffin ƙwayoyin jini. Shi ya sa ko wanda bai taɓa shan taba ba ake samun kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na himogulobin ɗinsa ɗauke da ita, mai shan taba kuwa yakan kai kashi 10.

Yanzu a yi lissafi da ɗakin can. Oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iskar da muke shaƙa. A ce janareto ya sa gubar ta kai kashi 0.1 kacal, wato ɗaya cikin dubu, abin da ƙaramin inji zai iya haifarwa a rufaffen wuri. Oksijin ya ninka ta yawa sau 210. Amma da yake riƙonta ya ninka nasa kusan haka, sai su yi kunnen doki: idan mutum ya daɗe yana shaƙa, kusan rabin kujerun jininsa za su koma hannunta. Hakan ba nan take yake faruwa ba, yakan ɗauki sa'o'i, kuma dare guda na barci ya isa.

Mai karatu zai iya cewa ai akwai masu ƙarancin jini da himogulobin ɗinsu ya ragu da rabi, suna zuwa kasuwa suna dawowa. Gaskiya ne, amma wanda gubar ta cinye rabin nasa yana kwance a sume. Bambancin shi ne gurabe huɗun nan suna jin motsin juna. Idan gubar ta kama ɗaya ko biyu, siffar himogulobin kan sauya, sauran guraben su ƙanƙame oksijin ɗin da ke kansu su ƙi saki. Jinin ya ɗauko kaɗan, kaɗan ɗin ma bai sauke ba. Ban da haka, gubar tana kutsawa cikin tsokar zuciya ta kama ma'ajiyar oksijin ɗinta, tana kuma tsayar da sinadarin da ƙwayoyin jiki ke ƙona oksijin da shi. Ƙwaƙwalwa da zuciya, waɗanda suka fi kowa cin oksijin, su ne ke fara jigata.

Alamun farko ba su da wani bambanci da na zazzaɓin cizon sauro: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, kasala. Abubuwa uku ne ya kamata su sa a yi zargi. Jikin ba zafi, mutanen gida da yawa sun kamu lokaci guda, kuma wanda ya fita waje yakan ji sauƙi, ya dawo ciwon ya dawo. Daga nan sai ruɗewa, ƙafafu su ƙi ɗaukar mutum, ya ga ƙofa amma ya kasa kai wa gare ta, sai suma, farfaɗiya, mutuwa. Mai barci ba ya ma bi ta waɗannan matakai da saninsa. A asibiti ma akwai tarko. 'Yar na'urar da ake maƙala wa majinyaci a yatsa launin jini take dubawa, kuma jinin da gubar ta kama ja ne jawur kamar mai oksijin, don haka tana iya nuna 98 alhali mutumin na mutuwa. Sai gwajin jini na musamman ke bayyana gaskiya. Shi ya sa dole wanda ya kawo majinyaci ya buɗe baki ya ce: "Likita, da janareto a kunne muka same su." Wannan magana takan fi awon yatsa amfani.

Tun 1857 Claude Bernard na Faransa ya bayyana cewa gubar tana ture oksijin daga jini. A 1895 kuma John Scott Haldane, mutumin Sukotilan da ya yi bincike kan mace-macen ramukan haƙar kwal, ya sa ɓera cikin oksijin mai matsi tare da gubar da ta isa ta kashe shi, ɓeran bai mutu ba. Maganin da ake yi yau a kan wannan ya ginu.

Riƙon gubar yana da ƙarfi, amma ba na har abada ba ne, tana sauka lokaci zuwa lokaci. Matsalar ita ce a iskar yau da kullum, da zarar ta sauka sai ta sake samun wata kujera. Idan aka ba majinyaci tsantsar oksijin, an ninka masu jiran kujera kusan sau biyar. Duk gurbin da ta saki, oksijin ya riga ta, sai ta rasa wurin zama, jini ya kai ta huhu, numfashi ya fitar da ita. Oksijin ba ya fizge ta da ƙarfi kuma ba ya kashe ta, hana ta komawa yake yi.

A ce an kawo matar gidan da kashi 40 a jininta. A iskar waje, rabin gubar kan fita cikin sa'a 4 zuwa 5, don haka kafin ta sauko kashi 20, sannan 10, sannan 5, an doshi sa'a 15, kuma duk tsawon lokacin ƙwaƙwalwa na cikin yunwa. Da tsantsar oksijin rabin kan fita cikin kimanin minti 80, wannan tafiyar ta koma sa'a 4. Sai dai 'yar robar da ake sa wa a hanci ba ta wadatar, domin tana gauraya da iskar ɗaki. Ana bukatar abin rufe hanci da baki mai jaka, a buɗe oksijin sosai, wajen lita 15 a minti, a ci gaba har alamu su gushe, galibi sa'a shida ko fiye.

Akwai amfani na biyu. Ruwan jini da kansa yana narkar da ɗan oksijin ba tare da himogulobin ba, kimanin mililita 0.3 a kowace mililita 100. Da tsantsar oksijin yakan kai wajen 2. A ɗakin matsi na musamman, inda ake ninka nauyin iska har sau uku, yana kai wa 6, wanda ya isa bukatar jikin da ke kwance ko himogulobin bai yi aiki ba, abin da ya ceci ɓeran Haldane ke nan. A can rabin gubar kan fita cikin minti 20 zuwa 30. Akan yi tunaninsa ga wanda ya suma, ko wanda zuciyarsa ta taɓu, ko mai juna biyu, domin jinin ɗan tayi ya fi riƙe gubar kuma ya fi jinkirin sakinta. Likitoci har yau suna muhawara kan ko ɗakin matsi ya fi oksijin na yau da kullum hana lahanin ƙwaƙwalwa, kuma irin ɗakin ba kasafai ake samunsa a ƙasashenmu ba. A ganina, ɓata sa'o'i wajen nemansa alhali ga tukunyar oksijin a kusa kuskure ne.

Madara da manja da ake ɗura wa wanda aka tsamo ba su da hanyar isa ga ƙarfen da ke cikin jini, kuma suna iya shaƙe mai suma. Abin yi shi ne a buɗe ƙofa da tagogi, a kashe injin, a fito da kowa waje, a kwantar da mai suma a gefensa, a nufi asibitin da ke da oksijin, har da waɗanda suka ce sun warware. Janareto kuwa wurinsa waje ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙinsa na kallon nesa da gida.

Fitar gubar daga jini ba ita ce ƙarshen magana ba. Wasu sukan tashi garau a sallame su, sai bayan kwana 2 zuwa 40 a ga mantuwa, ko sauyin hali, ko tafiya ta rikice, ko fitsari ya riƙa kuɓucewa. Kumburin da gubar ta tayar a ƙwaƙwalwa ne ke bayyana a makare. Da yawa sukan samu sauƙi cikin shekara guda, wasu kuma abin ya zauna musu. Idan iyali suka ga haka, su mayar da mutum asibiti, su kuma tuna wa likita batun janareton, ko da wata guda ya wuce.